Ya ɗauki jiga 180, zai ba ni jiga 10: ina sauran bidiyon bikin?

Uwar Amarya (Tawa): Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman wanda ya san aikin bidiyo ya duba mini wannan saƙo. Yaron da ya ɗauki bikin ɗiyata ne ya turo shi yau da hantsi. Na ba shi rabin kuɗinsa, sauran sai ya kawo aiki. Ga shi yadda ya rubuto, ban taɓa komai ba:

"Ina kwana Hajiya, ina gajiyar biki. Montaji ya kusa ƙarewa, ga abin da zan kawo miki. Cikakken fim ɗin awa ɗaya da minti 40 ne, MP4 (H.264), 1920x1080, hoto 25 a sakan, nauyinsa wajen 7,6 Go. Zan raba shi gida biyu, kowane kashi wajen 3,8 Go, wannan na kallo a tele ne. Akwai ƙarami na salula, fim ɗin ne dai gaba ɗaya amma 1280x720, wajen 1,6 Go. Akwai taƙaitacce na minti 5, wajen 300 Mo, da wani na tsaye na sakan 30 don status, wajen 25 Mo. Duka bai kai 10 Go ba, don haka a kawo kile mai 16 Go, mai 8 ba za ta ɗauke ba. Ɗanyen abin da kamarori biyu suka ɗauka awa 4 ne a 4K, wajen 180 Go, ba ya cikin abin da muka yi magana. In ana son shi sai a kawo diski, zan ajiye shi kwana 30 bayan na miƙa aiki, daga nan zan goge."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ya ce ya ɗauki 180, ni kuma zai ba ni abin da bai kai 10 ba. Ina sauran? Kuma me ya sa zai yanka mini fim gida biyu?

Ɗan Ader a Abidjan: Wa alaikumus salam Inna. Ni dai abin da na gani, wanga yaro yana son ya ba ki ƙaramin kaya. Tunda da bakinshi ya ce 4K ya ɗauka, to 4K za shi baki. 1080 tsohon yayi ne. Kada ki cika mishi kuɗi sai kin ga 4K.

Mai Montaji (Yamai): Hajiya barka da arziki, Allah ya ba su zaman lafiya. Na karanta saƙon sau biyu, ban ga alamar cuta a ciki ba. Gaskiya ma mafi yawanmu ba mu rubuta irin wannan, sai dai mu miƙa kile mu ce ga shi. Bari in nuna miki inda 180 ya koma 10, lissafi ne mai sauƙi.

Nauyin bidiyo abu biyu ne ke kawo shi, tsawonsa da kuma yawan bayanin da ake zubawa a kowane sakan, wanda muke ce wa debi, ana auna shi da megabit a sakan. Megabit ɗaya a sakan yana ba da 7,5 Mo a minti. Kamara irin tasa in tana ɗaukar 4K sau da yawa a kan megabit 100 take rubutawa, wato 750 Mo a minti, 45 Go a awa, jiga 45 ke nan. Ya ce awa 4 ce tsakanin kamarori biyu. 45 sau 4, ga 180 ɗinki nan daidai.

To a cikin awa huɗun nan akwai inda kamarori biyu suka ɗauki abu guda a lokaci guda, akwai jiran ango, akwai inda mai kamara ke tafiya tana kallon ƙasa, akwai bayan kan mutane. Da ya tace sai aka samu minti 100. Sannan ya fitar da shi a kan megabit 10, wato 75 Mo a minti, sau 100 ya zama 7,5 Go, sauti ya ƙara ɗan abin da ya kai shi 7,6. Kin ga lambobinsa sun hau kan juna. Wanda ke son ya yi rufa-rufa ba ya ba da lambobin da za a iya bin sawunsu haka.

Uwar Amarya (Tawa): Na gode ɗana. Na gane maganar yanke abin da ba shi da amfani. Amma daga 100 zuwa 10 fa? Ai kashi tara aka zubar. Hoton ba zai dushe ba?

Mai Montaji (Yamai): Tambaya ce mai kyau Hajiya. Kamara tana rubutu ne cikin gaggawa, abin da ya faru a gabanta dole ta ajiye shi nan take, ba ta da lokacin tsayawa ta matse shi da kyau, shi ya sa take kashe wuri da yawa. Kuma da gangan ake son ɗanyen ya yi nauyi, don a samu abin gyara haske da launi a wajen montaji. Ordinatar kuwa tana da lokaci, tana iya kwana tana duba hoto bayan hoto, inda bango bai motsa ba ba ta sake rubuta shi. Ƙari a kan haka hoton 1080 kashi ɗaya cikin huɗu ne na 4K a yawan ɗigo. Don ki samu ma'auni, YouTube da kansa megabit 8 yake ba da shawara a ɗora masa bidiyon 1080 mai hoto 25 ko 30 a sakan. Yaron ya ba ki 10.

Ɗan Ader a Abidjan: To malam, ka dai tabbatar da maganata. Kashi ɗaya cikin huɗu ka ce. Mi ya hana a ba ta huɗun duka?

Mai Montaji (Yamai): Ba abin da ya hana, in an yi magana a kai tun farko kuma akwai abin kallonsa. Amma duba nauyin. 4K mai kyau yana son megabit 35 zuwa 45. Mu ɗauki 40, shi ne 300 Mo a minti, fim ɗin Hajiya ya zama 30 Go ke nan. Kile mai 32 da ƙyar ta ɗauke shi shi kaɗai, ba ya tafiya ta WhatsApp, kuma telen da ba 4K ba yawanci ko buɗe shi ba ta yi, sai ta rubuto cewa ba ta san fayil ɗin ba. Hajiya, telen gidanki wace iri ce?

Uwar Amarya (Tawa): Irin mai faɗin nan ce, inci 32, ta ɗan jima. Tana da wurin sa kile a baya.

Mai Montaji (Yamai): To yawancin masu inci 32 ko 1080 ɗin ba su cika ba, 1366x768 ne allonsu. Ko da ta buɗe 4K ɗin, idonki ba zai ga bambanci ba.

Kuma ɗaukar 4K ɗin bai tafi a banza ba, kina cin amfaninsa a cikin 1080 ɗin. Yana iya jawo fuskar amarya kusa har ninki biyu ba tare da hoton ya fashe ba. Na tsayen nan na status ma daga nan yake fita da kyau, don in ka yanki tsaye daga hoton 4K kana da ɗigo wajen 1200 a faɗi, ya ishi 1080x1920. In daga 1080 ka yanka, wajen 600 kawai ke rage maka, sai an buɗa shi.

Baban Biyu: Salam. Ni ma ina da wannan matsala. Salulata kullum tana rubuto mini in yi format na kart memwar, in na yi hotuna za su tafi? Na ga kuna maganar format.

Mai Gyaran Salula (Katako): Baba ba wannan ake magana ba, amma kada ka danna, komai zai goge. Ka cire kart ɗin ka kai a kwafe abin da ke ciki tukuna. In ta ci gaba da tambaya bayan haka, kart ɗin ce ta gaji.

Hajiya, maganar raba fim gida biyu ni zan amsa miki, don kullum ana kawo mini ita a shago. Ƙananan kile, daga 32 Go zuwa ƙasa, yawanci da tsarin FAT32 suke zuwa. Shi wannan tsari ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4 Go, ko da kile ɗin fanko ce. Mutum zai zo ya ce mini kile ɗinsa mai 16 ce, ba komai ciki, amma ordinatar ta ce fayil ya yi girma, ya ɗauka ta lalace. Lafiyarta lau. Yaron ya raba 7,6 gida biyu ne don kowane kashi ya shige ƙarƙashin 4.

Ɗan Ader a Abidjan: Sai a maida ta exFAT mana, minti guda ne. Ni haka nike yi, fim ɗin jiga 20 ma yana shiga.

Mai Gyaran Salula (Katako): Yana shiga kam, a nan ka yi gaskiya. Amma shiga daban, tele ta karanta daban. Tsofaffin tele da ƙananan dekoda da yawa ba su ganin exFAT, za ka sa kile su yi kamar ba a sa komai ba. Wasu na karanta NTFS, wasu ba su yi. FAT32 ne kusan kowace na'ura mai ramin USB ta sani. Kile ɗin biki kuma ba gida ɗaya take kwana ba, yau tana gidan Hajiya, gobe gidan dangin ango, jibi an kai ta ƙauye. Yaron ya zaɓi abin da zai buɗe a ko'ina, wahalar kawai ita ce a tashi a danna kashi na biyu bayan minti 50.

Malama (Yantala): Ni dai in ƙara, in MP4 ne ai an gama magana, MP4 ko'ina yana buɗewa. Sauran lambobin nan duk burga ce ta masu kamara.

Mai Montaji (Yamai): Malama da haka ne da mun huta. MP4 mazubi ne kawai, abin da aka zuba a ciki shi ne magana. Za a iya sa H.264 a ciki, za a iya sa H.265, dukansu sunan fayil ɗin zai ƙare da .mp4. H.265 ya fi matsewa, yana ba da kyawun hoto iri ɗaya a nauyin da ya ragu sosai, shi ya sa sababbin salula ke son shi. Amma tele ta shekarun baya ba ta san shi ba. Alamar ita ce ki ji sauti yana tafiya allo baƙi, ko ta ƙi buɗewa ɗungurum. Don haka kalmar da ta fi kowace muhimmanci a saƙon yaron nan ita ce H.264 da ya rubuta.

Akwai ma tarko na biyu da mu masu aikin ke faɗawa. Sababbin kamarori na ɗaukar launi mai zurfi, 10-bit 4:2:2, in mai montaji bai lura ba ya fitar da fim a haka, ko H.264 ne tele ba za ta buɗe ba. Na miƙawa 8-bit 4:2:0 ake so. Wanda ke son ya ga abin da ke cikin fayil, akwai ƙaramin shiri na kyauta MediaInfo, yana nuna duka.

Malama (Yantala): To wannan ne ke nan ya same ni. Bidiyon walimar saukar ɗana, a salula yana yi, a tele murya kaɗai. Shekara biyu ke nan na haƙura, na ɗauka telen ce.

Mai Montaji (Yamai): Mai yiwuwa shi ne. Ba sai an koma wurin wanda ya ɗauka ba, duk mai ordinatar zai iya juya shi da shirin HandBrake, ya zaɓi H.264. Mai amfani da ffmpeg kuma ga layin:

```
ffmpeg -i walima.mp4 -c:v libx264 -b:v 8M -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 192k walima_tele.mp4
```

A ajiye na asalin, kada a goge shi, don duk juyi yana ɗan rage kyau.

Uwar Amarya (Tawa): Allah ya saka. Yanzu saura maganar waɗanda ke nesa. Ƙanena yana Tamanrasat, yayar ango tana Yamai, ga ƴan uwa a Abidjan, kowa na kira yana cewa a turo mishi. Wanne zan tura?

Mai Montaji (Yamai): Na salulan, mai 1,6 Go, don su aka yi shi. Shi a kan megabit 2 yake, 15 Mo a minti, kuma a allon salula 720 ya wadatar. Bai zaɓi wannan nauyin da ka ba. Tun 2022 WhatsApp ke karɓar fayil har 2 Go in an tura shi a matsayin Document, shi ya sa ya tsaya ƙasa da 2. Amma a kula, ta Document za a tura, ba ta wurin hotuna ba. In kika zaɓo shi daga wurin hotuna, WhatsApp zai sake matse shi da kansa, ko ya ce ya yi tsawo sai an yanke. Daga nan ne ake samun bidiyon biki da fuskoki suka dame, a ce mai kamara bai iya aiki ba.

Hajiya Mai Turare (Wadata): Yaya, ni shawarata daban. Jiga ɗaya da rabi ba wasa ba ne a forfe. Ke za ki kashe wajen turawa, kowane mai karɓa ya kashe nashi wajen saukewa. In rezo ya yanke a tsakiya kuma wani lokaci sai an sake. Ki tura musu na minti biyar ɗin, shi mutane ke kallo har ƙarshe. Wa zai zauna awa ɗaya da minti 40 a kan salula? Ta Yamai kuwa ki sayi kile ta biyu ki ba motar safe, da yamma tana hannunta.

Mai Gyaran Salula (Katako): Hajiya Mai Turare ta faɗi gaskiya a kan mota. Ku yi lissafi, in koneksiyon na tura megabit 2 a sakan, 1,6 Go zai ci kusan awa biyu. Babban mai 7,6 Go kuwa ya haura awa takwas, in wuta da rezo sun tsaya ke nan. Motar Tawa zuwa Yamai ta bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso ba ta fi haka da yawa ba, kuma ba ta cin forfe. Mutane na ruɗewa a nan saboda gudun rezo da megabit ake faɗinsa, nauyin fayil kuma da Mo, takwas na farkon ne ke yin ɗaya na biyun.

Ɗan Ader a Abidjan: Mu da ke waje ba mu da mota. Kuma mu muna zama mu kalla duka, har mu maimaita, don wanda bai zo biki ba so yake ya ga wa da wa sunka zo. A sa shi Google Drive a ba mu adireshi, kowa ya sauke lokacin da ya samu wifi.

Mai Montaji (Yamai): Wannan ma hanya ce, sau ɗaya za a ɗora. Sai dai 15 Go na kyautan nan haɗe yake da Gmail da hotunan da salula ke ɗorawa, mutane da yawa nasu ya cika ba su sani ba. Kuma a ɗora a asusun wani na gida, ba na mai kamara ba, don shi in wurinsa ya cika aikin da ya miƙa zai fara gogewa.

Abu ɗaya da zan ce saƙon ya gaza: taƙaitaccen na minti 5 a 300 Mo ya yi nauyi ga aikin da za a sa shi. Megabit 8 ke nan, na ɗorawa a YouTube ko Facebook. In don yawo a WhatsApp ne, ki roƙe shi ya ƙara fitar da wani a 720, zai tsaya wajen 80 Mo. Aikin ƴan mintuna ne a wurinsa.

Tsohon Mai Kamara: Na jima ina karatu ban sa baki ba. Mun yi wannan aiki tun ana miƙa kaset, aka koma faifan DVD mai 4,7 Go, hoto 720x576, kuma mutane suka yi murna da shi. Don haka ban raina megabit 10 ba. Amma ban yarda da ƙanena Mai Montaji ba cewa lallai ya isa. Lambar YouTube ta kowa da kowa ce, bikinmu kuwa ya fi ƙarfin kowa da kowa. Leshi mai ƙyalli, shadda mai sheƙi, mata hamsin na rawa lokaci guda, ana liƙi, fitilu masu launi na juyawa, kuma da dare. Duhu na sa hoto ya yi tsaki-tsaki, tsakin nan kuma yana cin debi kamar motsi. A irin wurin nan ne za ka ga hoto ya farfashe ya zama ƴan murabba'ai. Ni da 15 nake fitar da na dare.

Mai Montaji (Yamai): Yaya ban musa ba, wurin rawa shi ne ma'auni. Amma 15 zai kai fim ɗin 11 Go da ɗoriya, kashi uku ke nan a FAT32. Ni abin da nake yi, ina barin matsakaicin a 10 in ba shi damar hawa har 16 ko 20 inda motsi ya yi yawa, in sa ordinatar ta bi fim ɗin sau biyu. Wurin ɗaurin aure da mutane ke zaune ba ya cin komai, rarar sai ta tafi wurin rawa.

Tsohon Mai Kamara: In ya yi hakan. Saƙon bai faɗa ba. Kuma kashi uku ba abin kunya ba ne, a raba shi bisa sha'ani, ɗaurin aure daban, wuni daban, kai amarya daban. Ya fi a datse shi a minti na 50 tsakiyar waƙa.

Mai Montaji (Yamai): Wannan na karɓa, rabon bisa sha'ani ya fi. Hajiya ki tambaye shi a ina ya yanka. Maganar 10 ko 15 kuwa ido ne zai raba mu. Kafin ki cika kuɗi, ki sa kile ɗin a telenki, ki wuce kai tsaye wurin rawar dare, ki dubi fuskoki da zanen kaya lokacin da ake juyi. In sun tsaya garau, ya isa. In suna damewa, ya sake fitarwa, shi ya sa kwana talatin ɗin nan ke da amfani.

Mai Gyaran Salula (Katako): Kuma ki kalli ƙarshen kowane kashi, ba farko kaɗai ba. Akwai kile na jabu a kasuwa, an rubuta 64 Go ko 128, ordinatar ma ta nuna haka, alhali cikinta bai fi 8 ba. Kwafi zai tafi lafiya, sunayen fayil duka su fito, amma abin da ya wuce ainihin cikinta ya lalace. Wata ta kawo mini ta bikin ƙanwarta, kashin farko na yi, na biyu ko motsi, kuma mai ɗaukar ya riga ya goge nashi. Ba abin da na iya yi mata. In kile ta yi araha fiye da hankali, a gwada ta da H2testw, shirin da ke auna ainihin cikin kile, kafin a zuba mata abin da ba a son rasawa.

Sannan kada ki tsorata in kin ga lambobi sun ɗan sauka. Windows na ƙirga jiga da 1024, don haka 3,8 zai nuna wajen 3,5, kile mai 16 kuma ba ta kai 15 ba. Ba wanda ya ci komai.

Hajiya Mai Turare (Wadata): Ni fa inda ban gamsu ba shi ne ɗanyen. In na kai wa tela yadi goma ya ɗinka da bakwai, ƙyallen da ya rage nawa ne. Bikin ɗiyarta ne, fuskokin danginta ne, don me zai ce ba ya cikin magana, har ya sa ranar gogewa?

Tsohon Mai Kamara: Hajiya ai bai hana ba, cewa ya yi a kawo diski. Kuma yadin tela ke kika saya, nan kuwa kart da diski nashi ne. Biki guda 180 Go, biki biyar sun kusa cika diski mai tera ɗaya. In ya ce zai ajiye na kowa har abada, kuɗin aikin a sayen diski zai ƙare. Wasunmu ma ba su ba da ɗanye ko da kuɗi, don ana ɗauka a kai wa wani ya yi montaji mara kyau a ce aikinka ne.

Hajiya Mai Turare (Wadata): To ni kuma ta wajen mata nake dubawa. A cikin ɗanyen nan akwai inda aka ɗauki mata a cikin gida, ana kwalliya, wata ba lulluɓi. Na fi son a ce yana hannunmu, ko a goge a gabanmu, da a ce yana ordinatar wani yaro.

Mai Montaji (Yamai): Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba ta cikin saƙon. Ni a ganina gogewar bayan kwana 30 ta fi zama kariya gare ku da a ce ya ajiye. Amma wa ke da ɗanye, mu kanmu masu aikin ba mu haɗu a kan magana ɗaya ba, shi ya sa ya kamata a yanke ta kafin ranar biki, ba bayan an ɗauka ba. Abin da zan gaya wa Hajiya kawai, ɗanyen ba abin zama a kalla ba ne. Gutsattsari ne masu yawa, wani sakan 20 wani minti 10, sauti bai daidaita ba, in ma da launin montaji ya ɗauka za ki gan shi fari-fari kamar an wanke. Tele ba za ta buɗe ba. Amfaninsa ɗaya, in wata rana ana son sake montaji ko a nemo wani da bai fito a fim ba.

Uwar Amarya (Tawa): Wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Kakar amarya ta zo daga ƙauye, ta tsufa ƙwarai, na ga ya daɗe yana ɗaukarta tana sa albarka. Ban san nawa ya sa a fim ɗin ba.

Tsohon Mai Kamara: To ba sai kin sayi diski don wannan ba. Ki ce ya ware miki duk inda tsohuwar ta fito, ya fitar da shi a 1080 kamar sauran. Ko minti 20 ne wajen 1,5 Go ne kawai, kile mai 16 ɗin za ta ɗauke har da saura.

Uwar Amarya (Tawa): Na kira shi yanzu. Ya ce a wurin kai amarya ya raba, ba tsakiyar waƙa ba. Zai ƙara ƙaramin na minti biyar, zai kuma ware na tsohuwa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Da na ce mishi 10 ko 15, dariya ya yi ya ce wa ya koya mini, ya ce in gwada a tele tukuna. 4K kuma ya ce zai iya fitarwa amma sai an ƙara wani abu, don ordinatar tashi kwana take a kai.

Ɗan Ader a Abidjan: Inna ki karɓi 4K ɗin ki aje. Telen ga ba ita za ki mutu da ita ba, nan da shekara biyar kowa 4K gare shi, lokacin kuma ya goge.

Mai Montaji (Yamai): A nan kam ba zan ce ka yi kuskure ba, in akwai halin kile mai 64 ta gaske da ƙarin kuɗin. Sai dai ya zama ƙari a kan na 1080, ba madadinsa ba, kuma ita wannan kile ɗin dole exFAT ko NTFS ce.

Uwar Amarya (Tawa): Zan yi shawara da Alhaji in ya dawo daga kasuwa. Ɗana na Katako, kile ɗin da za a ba mota, a Tawa zan saya ko in sa a sayo a Yamai a aiko?

Mai Gyaran Salula (Katako): Saya nan Tawa Hajiya, ki ba yaron ya gwada ta a ordinatar tashi kafin ya kwafa. In ta faɗi gwajin kina kusa da mai shagon.